Babi na Shida: Firinta Tana Kunne, Kwamfuta Ta Ce Ba Ta Gan Ta Ba

Duk mai shagon kwamfuta a Tiga, ko Kwanar Ɗangora, ko Tudun Wadar Ɗankadai, ya san lokacin da firinta ta fi ba da ciwon kai. Lokacin rajistar JAMB ne, ko ranar da sakamakon NECO ya fito, sa'adda ɗalibai suka cika benci kowa yana jiran a fitar masa da takardarsa. An tayar da janareta, koriyar fitilar firinta tana ci, takarda da tona duk akwai, amma an danna bugu shiru. Abin da aka saba yi shi ne a goge direba a sake sawa. In bai yi ba a sake, in ya ƙi kuma a naɗe firintar a kwali a nufi Kano da ita. Ga mutumin Bebeji ko Kiru wannan asarar yini guda ce. Ga wanda ke Riruwai, hedikwatar Doguwa, sai ya ratsa dajin Falgore, ya biya kuɗin mota da na kaya, ya isa wurin mai gyara a Farm Centre ko titin Beirut, a jona firintar da gajeriyar waya a kan teburin mai gyaran, ta buga takarda lafiya lau a gabansa.

Firintar ba ta da laifi tun farko, direban ma haka. Matsalar tana can shago, a kan hanyar da ke tsakanin na'urorin biyu: waya, ƙarin waya, hob, da ramin da aka soka. Direba ba ya shiga magana sai bayan kwamfuta ta gane wace na'ura aka jona mata. Wanda ke sake sa direba alhali kwamfutar ba ta kai ga wannan matakin ba, ɓata man janareta kawai yake yi.

Abin da ke faruwa idan an soka waya

In ka yanka wayar firinta ta USB za ka tarar da siraran wayoyi huɗu a ciki. Ja da baƙa su ne na wuta, suna ɗauke da bolt 5 daga kwamfuta. Fara da koriya su ne na saƙo, a murɗe suke da juna, kuma a waya ta kirki an lulluɓe su da takardar alminiyam da saƙaƙƙen ƙarfe don kare su daga hayaniyar lantarki.

Haɗuwar firinta da kwamfuta kamar zuwan baƙo ƙofar gida ne: sai ya yi sallama, a amsa, a tambaye shi ko wane ne, sannan a san wurin da za a sauke shi. Firinta tana da wutarta daga soket, ba ta dogara da wutar USB don ta yi aiki, amma tana sauraron bolt 5 ɗin nan na jar waya, domin da shi take sanin cewa an jona ta da kwamfuta mai rai. Da ta ji shi sai ta ɗaga ƙarfin wuta a kan koriyar waya. Kwamfuta ta lura da wannan canjin, ta san wani abu ya shigo. Daga nan su biyun za su daidaita a kan gudun da za su yi magana da shi, sannan kwamfuta ta nemi firinta ta faɗi lambobinta: lambar kamfanin da ya ƙera ta da lambar samfurinta. Ta HP ita ce 03F0, ta Canon 04A9, ta Epson 04B8. Sai waɗannan lambobi sun iso cikakku ne Windows ke duba wane direba ya dace.

Saboda haka wuri uku maganar ke iya yankewa, kuma kowanne da alamarsa. Hanyar ganin alamar ita ce a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta wannan:

```
devmgmt.msc
```

Tagar Device Manager za ta buɗe. Ka buɗe sashen Universal Serial Bus controllers, ka zuba masa ido, ka zare wayar firinta ka sake sokawa. Idan jerin bai ko motsa ba, babu ƙarar nan ta shigar na'ura, to sallamar ma ba a ji ta ba. Idan jerin ya motsa amma aka samu layi mai alamar rawaya da ke cewa Unknown USB Device (Device Descriptor Request Failed), an ji sallama, an tambayi suna, amsar ce ba ta iso daidai ba. Idan kuwa ka ga USB Printing Support, ko sunan firintar kanta, hanyar waya lafiyarta ƙalau, sai a koma neman matsalar a cikin Windows.

Shirun farko shi ya fi sauƙin bincike. Ko dai wata waya ta katse a ciki, galibi daidai wuyan kan da ake yawan lanƙwasawa, ko ramin ya mutu, ko ba a soka a inda ya dace ba. Wannan na ƙarshen yana ba mutane dariya har sai ya faru da su. Kan wayar firinta mai kusurwa huɗu yana shiga ramin wayar netwok da ke bayan firintoci da yawa, ya zauna kamar wurinsa ne. Mutum ya miƙa hannu bayan firinta a lungu mai duhu, ya lalubo rami, ya tura, ya ji ta shiga. A jawo firintar fili a duba da ido. Haka kuma ƙurar hunturu tana daskarewa a cikin ramin har ta hana ƙarafan haɗuwa, don haka a kashe na'ura a share da busasshen buroshi mai laushi, ba da allura ba.

Mita biyar

Tsarin USB 2.0, wanda aka fitar a shekarar 2000 kuma mafi yawan firintocin shagunanmu ke aiki da shi, ya ƙayyade tsawon waya ɗaya a mita 5. Ba kai-tsaye aka zaɓi wannan adadin ba. Saƙo yana ɗaukar lokaci kafin ya ratsa waya, kuma tsarin ya ba kowace waya nanosakan 26 kacal, wato kashi 26 cikin biliyan na daƙiƙa, wanda ya yi daidai da tafiyar kusan mita biyar. Kwamfuta tana aika tambaya ta jira amsa na ɗan ƙayyadadden lokaci, in ba ta zo ba ta ɗauka ta ɓace.

A aikace kuwa, abin da ya fi saurin kayar da doguwar waya shi ne raunin saƙon. A tsohon gudu na megabit 12 a daƙiƙa, saƙon yana tafiya da ƙarfin bolt 3.3. A babban gudu na megabit 480, ƙarfinsa kusan bolt 0.4 ne kawai, ga shi yana juyawa sau arba'in fiye da na farko. Irin wannan siririn saƙo kowace mita tana rage masa kaifi, kowace mahaɗa tana mayar da wani ɓangarensa baya, kuma duk waya mara lulluɓi tana kwaso masa hayaniya daga inbata, da cajar laftof, da wayoyin wutar da aka bi bango ɗaya da su.

A nan ne abin ke rikita masu shago. Yarjejeniyar da na'urorin biyu ke yi a kan gudu, da wata doguwar alama mai sauƙin wucewa ake yin ta, wadda ko waya mara kyau tana iya isarwa. Sai su amince cewa za su yi magana a 480. Da aka fara maganar ta gaske a wannan gudun, wayar ta kasa ɗauka, lambobin firinta suka iso a dagule ko ba su iso ba sam. Windows ta gwada wasu 'yan lokuta ta haƙura, ta fito da saƙon USB device not recognized a kusurwar allo, a cikin Device Manager kuma ka ga Code 43. In ka shiga shafin Details na wannan na'ura ka zaɓi Device instance path, maimakon lambar kamfani za ka ga sifiri huɗu:

```
USB\VID_0000&PID_0002
```

Sifirin nan yana nufin Windows ba ta sami sunan kowa ba. Babu direban da zai gyara wannan, ko daga ina aka sauke shi.

Wannan ne kuma ya sa mai shago zai rantse maka cewa wayar lafiyarta ƙalau, tunda ya gwada ta da linzami da kibod sun yi. Gaskiya ya faɗa, sai dai gwajin ne bai dace ba. Yawancin linzami da kibod suna magana ne a gudun megabit 1.5 ko 12, kusan kowace waya tana ɗaukar su. In ana son gwada waya don firinta, a gwada ta da filashi, a kwafi babban fayil a ga ko zai kai ƙarshe.

Mita biyar ɗin ma iyaka ce ga waya mai inganci. Kamfanonin firinta da kansu sukan ba da shawarar kada a wuce mita biyu ko uku. Ita kuwa ƙarin waya da ake sayarwa, mai kan namiji a gefe ɗaya da na mace a ɗaya gefen ba tare da wata na'ura a cikinta ba, tsarin USB 2.0 bai ma yarda da ita ba, domin da ita ne ake wuce iyaka ba a sani ba. Tana cika kasuwa duk da haka, kuma sau da yawa takan yi aiki, abin da ya sa ba a zarginta ranar da ta daina.

Shago ɗaya, a bi shi daki-daki

Mu ɗauki shago irin wanda ake gani a bakin titi a Kwanar Ɗangora, inda hanyar Tudun Wada ta rabu da ta Zariya. Kwamfutar tebur tana ciki can ƙurya, nesa da ƙura. Mai shago ya ga ya fi masa sauƙi ya kai firinta da sikana kusa da ƙofa, don yaronsa ya riƙa miƙa wa mutane takardunsu ba sai sun shigo ba. Ya sayi ƙarin waya mai mita 5, ya soka ta a ramin gaban kwamfuta, ya bi da ita jikin bango. A ƙarshenta ya jona ƙaramin hob mai rami huɗu, irin wanda ba shi da caja tasa. A hob ɗin ya soka firinta da wayarta ta asali, ya soka siririyar sikana irin wadda ba ta da wayar soket, daga USB take shan wuta. Ramin da ya rage kuma ba ya rasa wayar wani da ya roƙi a ɗan sa masa caji.

Ƙorafinsa ga mai gyara shi ne: "Injiniya, da safe tana yi. Da an fara aiki sosai sai ta ɓace, kwamfuta ta yi ta ƙara kamar ana cirewa ana sawa."

Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai taɓa direba ba. Tambayarsa ta farko ita ce: "Alhaji, lokacin da take ɓacewar, me ake yi a sikana?"

Ga lissafin da ke bayan tambayar. Ramin USB 2.0 ɗaya yana ba da miliamfa 500 a mafi yawa. Hob mara caja daga wannan 500 ɗin yake ci, ya raba sauran, kuma a ƙa'ida miliamfa 100 kawai ya kamata kowane raminsa ya bayar. Sikanar da ke shan wuta daga USB ita kaɗai tana iya neman kusan 500 ɗin gaba ɗaya idan fitilarta ta kama kuma motarta ta fara ja. Tun a nan an ci bashi.

Sai kuma wayar. A jikin wayoyi da yawa akwai rubutu da ke nuna kaurin tagullar ciki. In ka ga 28AWG kaɗai, siririya ce, kuma kowace mita tata tana da turjiyar kusan om 0.21. Wuta tana tafiya ta jar waya ta dawo ta baƙa, don haka mita 5 ta zama mita 10, turjiya ta kai kusan om 2.1. A ninka wannan da rabin amfa, sai a ga bolt ɗaya da ɗoriya ya salwanta a hanya. Kwamfuta ta ba da 5, abin da ya isa hob bai cika 4 ba, alhali ko na'urar da ke bayan hob tana da haƙƙin samun aƙalla 4.4. Ƙwaƙwalwar hob ɗin sai ta ɗauke ta sake tashi, kuma duk abin da ke rataye da shi ya ɓace tare da shi, har da firintar da ba ta sha masa wutar kirki ba. Da sikana ta tsaya, wuta ta dawo, kowa ya sake bayyana. Ƙarar cirewa da sawa ke nan da Alhaji ke ji. Da wayar mai 24AWG ce a layin wuta, asarar ba za ta kai rabin bolt ba. Wayoyi masu arha kuwa wasu ma ba tagulla zalla ba ne, alminiyam ne aka shafa masa tagulla, rubutun jikinsu ma ba abin dogaro ba ne. Nauyinta a hannu da kaurinta sun fi rubutun faɗin gaskiya.

Akwai kuma tsawon da ba a gani. Hob yana sabunta saƙo, don haka daga shi zuwa firinta sabon lissafi ne. Amma daga madabod zuwa hob zango ɗaya ne, kuma ba mita 5 ba ne kamar yadda mai shago ya ɗauka. Ramin gaban kwamfuta ba a manne yake da madabod ba, wata siririyar waya ce ta kusan rabin mita ke haɗa su a cikin akwatin. A haɗa da jelar hob ɗin kanta, an doshi mita shida, da mahaɗa uku a hanya. Ramukan baya su ne aka lanƙaya kai tsaye a jikin madabod, shi ya sa firinta wurinta baya.

Gwajin da ke raba gardama ba ya cin minti goma. A ɗauko firintar a ajiye kusa da kwamfuta, a jona ta da wayarta ta asali ita kaɗai a ramin baya. Ta bayyana, ta buga shafi ashirin ba ta yanke ba? To ita da direbanta sun fita daga zargi. Sai a riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya: ƙarin waya kaɗai, a gwada, a sa hob, a gwada, a sa sikana, a sa ta aiki ana bugu. Inda ta ɓace, nan laifin yake. Ƙa'idar ita ce kada a canja abu biyu a lokaci guda.

Maganin wannan shagon ya danganta da aljihu. Mafi arha, kuma a ganina mafi kyau, shi ne a matso da teburin kwamfuta, firinta ta samu raminta ita kaɗai a baya, sikana ma nata. In dole sai an yi nisa, a sayi hob mai cajarsa, wanda ke iya ba kowane rami cikakken 500, sannan a maye ƙarin wayar da irin mai ƙullutu a ƙarshe, wadda ke da na'urar sabunta saƙo a ciki. Ita ma yawanci hob ce mai rami ɗaya, kuma tsarin USB bai yarda a jera hob fiye da biyar ba, wanda ke kai nisan duka zuwa mita 30 a kan takarda. Ban ba kowa shawarar ya doshi wannan iyakar ba, domin wasu kwamfutocin suna da hob a cikinsu da ya riga ya ci gurbi ɗaya. Wanda nisansa ya wuce mita goma, in firintarsa tana da ramin netwok, ya koma can, tunda wayar netwok tana kai mita 100.

Idan waya ta fita, amma har yanzu shiru

Gwajin canja rami yana da nasa tarko. Wasu firintocin, in aka soka su a sabon rami, Windows tana ɗaukarsu a matsayin sabuwar na'ura. Sai ta ƙirƙiro wata firinta mai suna iri ɗaya da ƙarin (Copy 1) a ƙarshe, ta ba ta sabuwar mashiga, misali USB002, alhali tsohuwar tana nan a kan USB001 a dushe, kuma ita ce har yanzu ake tura wa aiki. Takardu su taru a layi, mai shago ya ce gyaran bai yi ba. A buɗe Printer properties, a shiga shafin Ports, a duba wace mashiga aka yi wa alama, ko kuma a zaɓi sabon kwafin a mayar da shi na dindindin, a goge tsohon. Daga nan a manna ɗan salatif a kan ramin da aka ware wa firinta don kada a sake sauya mata.

A laftof kuma, Windows tana kashe ramukan da ta ga ba a amfani da su don ta tanadi batir, wasu firintocin ba sa farkawa daidai bayan haka. Alamarsa ita ce firinta ta yi aiki, a bar ta rabin sa'a, a dawo ta ƙi, sai an zare an sake sokawa. A Device Manager, a buɗe kowane USB Root Hub, a shiga Power Management, a cire alamar da ke gaban Allow the computer to turn off this device to save power.

Abu na ƙarshe da ke kwaikwayon ciwon waya shi ne wutar shagon kanta. Firintar leza tana da ƙarfen da ke gasa tona a jikin takarda, kuma lokacin da yake ɗaukar zafi yana jan wat ɗari-ɗari a tashi guda. A kan ƙaramin janareta ko ƙaramar inbata, za ka ji injin ya nisa, fanka ta rage gudu, wuta ta yi ƙasa na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwar firinta ta ɗauke ta sake tashi. A wurin kwamfuta wannan daidai yake da an zare waya. Bambancin shi ne lokacin da abin ke faruwa: ciwon waya yana iya zuwa a kowane lokaci, ko da an taɓa wayar, shi kuwa wannan daidai lokacin da firinta ta fara ɗumi yake zuwa, kuma za ka ga fitilunta sun sake yin jerin da suke yi in an kunna ta. Ga masu HP LaserJet 1020 da 1018 abin ya fi tsanani, domin waɗannan ba sa riƙe manhajar da ke tafiyar da su, kwamfuta ce ke tura musu ita ta wayar USB duk lokacin da aka kunna su. In wuta ta ɗauke musu a tsakiyar aiki, sai an sake tura musu, kuma aikin da ke kan layi yakan maƙale har sai an soke shi an sake aikawa. Gwajinsa shi ne a kashe fotokwafi da na'urar laminetin da duk wani abu mai jan wuta, a bar firinta da kwamfuta kaɗai a kan janareta, a sake buga shafukan nan ashirin.